Bugun zuciya da rage ƙiba: tambayoyi da amsoshi ga mai fara tattaki da sassarfa a Katsina

Masu fitowa tattaki bayan sallar asuba sun ƙaru a Katsina, musamman wajen filin wasa na Muhammadu Dikko da titunan GRA, kuma da yawansu suna ɗaure da agogon da ke nuna bugun zuciya. Agogon yana jero lambobi, amma ba ya faɗa wa mutum abin da zai yi da su. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu neman rage teɓa suka fi yi. Don lissafin ya fito fili, za mu ɗauki misalin magidanci mai shekara 40, nauyinsa kilo 90, wanda aikinsa na zaman kanti ne, kuma rabonsa da gudu tun yana sakandare.

Mene ne waɗannan matakai na bugun zuciya da ake ta magana a kai?

Idan jiki yana aiki, tsoka tana buƙatar iska da abinci, jini ne kuma ke kai mata su. Gwargwadon nauyin aikin, gwargwadon yadda zuciya za ta ƙara saurin harba jini. Shi ya sa yawan bugun zuciya a minti ɗaya yake nuna irin wahalar da jikinka yake sha a wannan lokacin.

Kowane mutum yana da ƙololuwar da zuciyarsa ba za ta iya wucewa ba komai gudunsa. Masu horar da 'yan wasa sun raba tazarar da ke tsakanin rabin wannan ƙololuwa da ƙarshenta gida biyar. Mataki na ɗaya ya kama daga kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, shi ne tafiyar da kake yi zuwa masallaci ba ka makara ba. Na biyu daga 60 zuwa 70, tafiya mai sauri wadda jiki ke ɗumi kana ɗan zufa amma kana hira. Na uku daga 70 zuwa 80, inda haki ya fara shiga cikin magana. Na huɗu daga 80 zuwa 90, gudu ne na gaske da ba ka iya jurewa sai 'yan mintuna. Na biyar kuwa iyakar ƙarfinka ne, kuma mai farawa ba shi da abin yi a can. A fuskar agogo za ka ga an rubuta su Zone 1 har zuwa Zone 5, lambar bugun kuma tana da bpm a gefenta, wato bugu a minti ɗaya.

Yaya zan san tawa ƙololuwar?

Hanyar da aka fi sani ita ce ka cire shekarunka daga 220. Magidancinmu mai shekara 40 zai samu 180. Akwai wani lissafin da wani mai bincike mai suna Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001, wanda ya fi dacewa da manyan mutane:

```
220 - shekaru
208 - (0.7 x shekaru)
```

Ga mai shekara 40 duka biyun suna ba da 180. Ga mai 60 kuwa na farko ya ba da 160, na biyu 166.

To idan ƙololuwarsa 180 ce, matakinsa na biyu yana tsakanin 108 da 126, na uku tsakanin 126 da 144, na huɗu ya fara daga 144. Inda ya kamata ya shafe mafi yawan lokacinsa shi ne tsakanin 110 da 135, wato mataki na biyu da ƙasan na uku. Wannan shi ne aikin da likitoci ke kira matsakaici.

Sai dai ka riƙe wani abu: wannan lissafi ƙiyasi ne da aka ɗauko daga matsakaicin mutane masu yawa. Ƙololuwarka ta gaskiya tana iya fin abin da ya ba ka da bugu goma ko fiye, tana kuma iya gazawa da haka. Mutum biyu da aka haifa shekara ɗaya, ɗaya ya samu 170, ɗaya 192, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Kada ka ce za ka gwada taka ta hanyar gudu har sai ka faɗi. Wannan gwaji ne da ake yi a asibiti da na'ura a ƙirji.

Ba ni da agogon nan. Dole sai na saya?

A'a. Yatsu biyu da agogon waya sun isa. Juya tafin hannunka sama, ka ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a wuyan hannu, a ƙasan gindin babban yatsa, inda akwai ɗan kwari kusa da jijiya. Danna a hankali har ka ji harbawa. Kada ka yi amfani da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, sai ya rikita ka. Ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu.

Don kada ka tsaya lissafi a bakin titi, haddace lambobin daƙiƙa 15 ɗin kawai. Ga magidancinmu, 27 ko 28 shi ne ƙasan inda yake so, 33 ko 34 shi ne sama, 36 kuwa ya shiga mataki na huɗu, sai ya sassauta. Ka fara ƙirga da zarar ka tsaya, domin zuciya tana fara sauka nan take. Idan ka tsaya gaisawa da wani kafin ka ƙirga, lambar da za ka samu ba ta tafiyar ba ce.

Akwai kuma gwajin da ya fi wannan sauƙi, kuma ni na fi yarda da shi ga mai farawa: gwajin magana. Idan kana tafiya kana iya gaya wa abokinka cikakkiyar jimla, kamar «jiya na je Ƙofar Marusa ban same shi ba», ba ka yanke ta don jan numfashi ba, amma ba za ka iya rera waƙa ko jan karatu ba, to kana inda ya dace. Idan kalma uku ko huɗu ke fita sai haki, ka haura. Duk ranar da agogo da numfashinka suka saɓa, bi numfashinka.

An ce mataki na biyu shi ne na ƙona kitse, idan na wuce shi sukari kawai nake ƙonawa. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne, kuma wannan rabin ya ɓatar da mutane da yawa, don haka bari mu zauna a kansa.

Jiki yana ƙona kitse da sukari a haɗe a kowane lokaci. Idan aikin mai sauƙi ne, kason kitse ya fi yawa, domin kitse yana ƙonewa a hankali kuma yana buƙatar iska mai yawa. Idan aikin ya yi tsanani, jiki yana karkata ga sukarin da ya ajiye a tsoka da hanta, don shi ya fi saurin bayar da ƙarfi. Daga nan ne masu ƙera agogo suka samo rubutun Fat Burn da suke sa wa matakin ƙasa.

Amma kaso daban, jimla daban, kuma da kalori ake auna ƙarfin da jiki ya ƙona. Mai kilo 90 idan ya yi tafiya mai sauri na rabin awa, zai ƙona kalori wajen 180, kusan rabinsu daga kitse, wato wajen 90. Idan ya yi sassarfa na rabin awa, zai ƙona wajen 360, kuma ko da kashi ɗaya cikin uku ne kawai daga kitse, ya samu 120. Ka ga sassarfar ta fi ko a kitsen ma. Bayan haka, jiki yana daidaita lissafinsa ne a kan yini gaba ɗaya: sukarin da ka ƙona da safe za a mayar da shi daga abincin rana, abincin da da ba haka ba wani ɓangarensa zai zama ajiya. Abin da ke sauke nauyi shi ne jimlar abin da ka ƙona a mako ta fi jimlar abin da ka ci.

To me ya sa duk da haka nake cewa mai farawa ya zauna a mataki na biyu? Domin magidancinmu ba zai iya sassarfar rabin awa ba. Zai yi minti huɗu, bugunsa ya kai 165, ƙirji ya ɗau zafi, ya tsaya ya dafa gwiwa. Washegari ƙwauri da gwiwa su hana shi ruku'u da kyau, ya kwana uku bai fita ba, mako na biyu ya ajiye takalmin. Tafiyar awa ɗaya kuwa tana ba shi kalori 360 ɗin nan dai, ya dawo gida ya yi wanka ya buɗe kanti, gobe ma ya sake fita. Amfanin lambar bugun zuciya ga mai farawa shi ne na linzami a bakin doki: ta hana ka zarcewa, don ka daɗe a hanya kuma ka iya dawowa gobe.

Minti nawa a mako, kuma kilo nawa zan sa ran saukewa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Minti 150 na lafiyar zuciya ne. Mai neman rage ƙiba ya nufi kusa da 300 a hankali.

Ga lissafin da ba kowa ke son ji ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Idan magidancinmu ya yi tafiya mai sauri na minti 45 sau biyar a mako, ya ƙona wajen 1,350. Wato da tafiya kaɗai, abincinsa bai canza ba, sai ya yi wata ɗaya da rabi ko fiye kafin kilo ɗaya ya tafi. Kwalbar lemo ta santilita 50 kuwa tana da kalori wajen 200, fiye da tafiyarsa ta rabin awa. Idan yana shan ɗaya kullum bayan azahar ya daina, ya rage 1,400 a mako, daidai da duk tattakin da ya yi. Haɗa biyun, sai ya ga kilo ɗaya a cikin mako uku.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne teburin mai shayi. Mutum ya gama zagaye ya ji ya yi aiki, ya zauna a haɗa masa shayi mai kauri da madara da sukari, da burodi da wainar ƙwai uku. Abin da ya ƙona ya dawo da riba kafin ƙarfe takwas. Ba na cewa a bar kumallo. Koko mai ƙarancin sukari da ƙosai kaɗan ya wadatar, fura ma a sha ta ba a zuba mata sukari ba, malmalar tuwon dare kuma a rage ta a ƙara miyar ganye.

Da na fara sassarfa sai bugun ya tashi zuwa 160. Ina da matsala ne?

Galibi babu. Sassarfa ko ta a hankali ce tana buƙatar ƙarfi kusan ninki biyu na tafiya, kuma zuciyar da ba ta saba ba tana harba jini kaɗan a kowane bugu, sai ta cike gurbin da sauri. Maganin shi ne a gauraya.

Makonni uku na farko tafiya kawai, minti 20 zuwa 30, ana ƙara minti biyar duk mako. Idan ka kai kana yin minti 40 a mataki na biyu ba tare da ciwon gaɓa ba, sai ka shigo da sassarfa sau biyu a mako: tafiyar ɗumama jiki na minti goma, sannan sassarfa minti ɗaya, sannan tafiya har bugun ya sauko ƙasa da 125 ko numfashi ya dawo daidai, yawanci minti biyu ko uku. Maimaita sau shida, ka rufe da tafiya mai sanyi na minti biyar. A cikin mintin sassarfar bugun yana iya taɓa 145 ko 150, wannan ba laifi. Idan yana wuce 160, taƙaita takunka; sassarfar mai farawa ba ta fi tafiya mai sauri da yawa ba, kuma ba abin kunya ba ne yara 'yan makaranta su wuce ka. Bayan mako biyu ka mai da ita minti biyu, haka dai har ka iya minti goma a jere.

Wanda nauyinsa ya yi yawa ƙwarai, ko gwiwarsa ke kumbura, ba dole ne ya yi sassarfa ba ko kaɗan. Ya ƙara saurin tafiya da tsawonta. Ƙasa mai tauri ko gefen fili ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, kuma takalmi mai taushin ƙasa ya fi silifa nesa ba kusa ba.

Hanya ɗaya nake bi, gudu ɗaya, amma yau bugun ya fi na jiya da goma. Me ya kawo haka?

A Katsina amsar farko ita ce zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zufa kuma tana rage ruwan jini, sai zuciya ta ƙara bugu don aikin da ta saba yi da sauƙi. Za ka lura ma a tafiya ɗaya lambar tana hawa a hankali bayan minti ashirin ko da ba ka ƙara sauri ba. Wannan ƙarin ba ƙarin ƙona kitse ba ne, wahala ce kawai. A bazara ka fita da an idar da asuba ka dawo kafin rana ta ɗaga, ka sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin fita, kuma ka rage sauri don lambar ta tsaya a inda take. Fitsari mai duhu kamar shayi alama ce ruwa bai ishe ka ba.

Rashin barci, goro, shayi mai ƙarfi, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗaga bugu. Zazzaɓi ma haka, wajen bugu goma kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki, shi ya sa wani lokaci bugun ke fara tona maleriya kafin mutum ya ji sanyi. Ka saba ƙirga bugunka da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa. Na baligi yana tsakanin 60 da 100. Idan naka ya saba zama 78 yau ka ga 90, ka huta ko ka yi tafiya mai sauƙi. Da zazzaɓi a jiki kuwa ba a motsa jiki sam.

Wani lokaci kuma laifin agogon ne. Koren hasken da ke bayansa yana karanta jini ta fata, idan ya yi sako-sako sai ya kama jijjigar takunka ya ɗauka bugu ne, ka ga 170 alhali kana hira lafiya. Matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗaure shi ya kama, ka tabbatar da yatsu.

A hunturu matsalar ƙura ce, ba zafi ba. Ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya yi nasa a cikin gida.

Malam, ni mace ce, shekarata 50, kuma ba na fita titi. Lissafin ya shafe ni?

Ya shafe ki, Hajiya. Ƙololuwarki wajen 170 ce, inda kike so kuma tsakanin 105 da 128, wato 26 zuwa 32 a daƙiƙa 15. Zuciya ba ta san titi ba. Zagayen tsakar gida da sauri, ko hawa da sauka a dakali mai tudu kaɗan, duk suna kai ki wannan mataki, kuma za ki iya raba shi minti 15 da safe, 15 bayan la'asar. Idan kina fita da hijabi, zaɓi mara nauyi, don kaya masu kauri suna riƙe zafi su ɗaga bugu. Idan kuma kina ganin bugunki yana tashi ƙwarai da ɗan ƙaramin aiki, ga kasala da jiri, a duba miki jini, domin ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata kuma haka yake nuna kansa. Mai juna biyu da mai jego su fara tambaya a wurin awo.

Da azumi fa?

Da rana ba ruwa a jiki, bugun zai hau da wuri. Ko dai ka yi tafiya mai sauƙi na minti 20 dab da magariba, ka tsaya a ƙasan mataki na biyu, ko ka bari sai bayan tarawihi, lokacin da ka sha ruwa abinci ya faɗa. Sassarfa ta dare ce a wannan wata.

Ina shan maganin hawan jini. Zan bi waɗannan lambobin?

Duba sunan maganin a kwali. Idan atenolol ne, ko propranolol, ko bisoprolol, aikinsu ya haɗa da rage saurin zuciya, don haka bugunka ba zai kai lambar lissafi ba ko ka wahala. Mai shan irinsu idan ya nace sai ya ga 130, zai jigata kansa a banza, kuma da haɗari. Ya bi gwajin magana, kuma kada ya tsallake magani don lamba ta hau. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya fita da yunwa, ya sa dabino biyu ko uku a aljihu saboda faɗuwar sukari, wadda ke zuwa da karkarwa da zufa mai sanyi.

Duk wanda ke da ciwon zuciya, ciwon ƙoda, sikila, ko hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda ya haura 45 bai taɓa awon jini ba, ya ga likita kafin ya fara sassarfa. A kan hanya kuma, idan ka ji ƙirji ya matse ko ya yi nauyi, ciwo yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya tana bugu a hargitse tana tsallake, ko haki ya ƙi lafawa bayan ka tsaya, ka daina nan take a kai ka asibiti, komai kyan lambar da agogo ke nunawa.

Wata guda ke nan ina yi, sikeli bai motsa ba. Yaya zan san abin yana aiki?

Zuciya tana riga sikeli nuna canji. Zaɓi hanya ɗaya da ka sani, misali daga ƙofar gidanka zuwa wani shataletale ka dawo, ka bi ta a lokaci ɗaya na safe, a cikin minti iri ɗaya, ka rubuta bugun da ka gama da shi. Idan a farko kana gamawa da 132, bayan mako shida ka ga 122, zuciyarka ta ƙara ƙarfi. Na safe a shimfiɗa shi ma yakan sauka da 'yan bugu. Idan bugun ya ci gaba da sauka har tsohon saurinka ya zama na mataki na ɗaya, dole ka ƙara sauri don ka koma cikin 110 zuwa 135; mutane da yawa a nan suke tsayawa, suna yin zagayen da ya riga ya yi musu sauƙi.

Sikeli kuwa yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye a yini saboda ruwa, gishiri da abin da ke ciki. Hau shi sau ɗaya a mako, da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai. Ka samu tef irin na tela ka auna kugu daidai cibiya duk mako biyu, kana nufin ya sauko ƙasa da rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170 ya nufi ƙasa da 85. Idan mako shida sun wuce, bugun ya gyaru amma kugu da sikeli duka suna nan, ƙarin gudu ba shi ne gyaran farko ba. Rubuta duk abin da ka ci da abin da ka sha na kwana uku, har da lemo, zoɓo mai sukari da tsiren dare, ka cire abu ɗaya da kake ci kullum, sannan ka sake awo bayan mako biyu.